Manoman da Ba Sa Zuwa Layi

Tun ranar da aka ajiye wa Caroline furofozal ɗin Baba Andrawus, wato tsarin binciken da yake son yi, a kan teburinta ta rasa sukuni. Ba ta daɗe da fara koyarwa a sashen nazarin noma na jami'a ba, kuma wannan ne karo na farko da aka ba ta aikin ɗalibin digiri na biyu ta karanta, ta faɗi ra'ayinta ranar difens, ranar da zai kare aikin a gaban malamai. Sai aka yi rashin sa'a ɗalibin ya zama maƙwabcinsu na garin Kona, aminin mahaifinta, dattijo a cocinsu. Shi ne ya riƙa ɗaukarta a bayan babur yana kai ta firamare lokacin da ƙafar babanta ta karye.

Baba Andrawus malamin gona ne. Ya yi shekaru yana aiki da manoman shinkafa a wajen garin Mutum Biyu, kuma abu ɗaya ya dame shi: mutum zai karɓi ingantaccen iri bana, ya shuka, baɗi kuma ba za a ƙara ganinsa ba. Wannan ya rubuta a matsayin manufar bincikensa, gano dalilin da ya sa manoma ke daina amfani da irin bayan sun gwada shi. Caroline ta ji daɗin shafin. Da ta juya zuwa tambayoyin binciken sai ta ga wani abu dabam: manoma nawa ne ke amfani da irin, shekarunsu nawa, gonakinsu sun kai eka nawa. A babi na uku kuma ya ce zai tsaya a wurin rabon iri, ya miƙa wa duk wanda ya zo layi takardar tambayoyi ta e ko a'a, daga baya ya fitar da kashi cikin ɗari.

Ta sake karantawa, ko za ta ga inda waɗanda suka daina ɗin suka shigo. Ba su shigo ba. Ta ɗauki jan biro, ta riƙe shi a kan shafin, sannan ta mayar da shi cikin jaka.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ya biyo ta gida, da kwafin aikin a hammatarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa.

"Dakta Karo," ya ce yana dariya, "an ce ke ce alƙalina. To, ga mai laifi ya kawo kansa. Kin duba?"

"Na duba, Baba."

"Yaya kika gani? Faɗa mini gaskiya tun muna gida. Hutun karatun da ofis ya ba ni ƙarshen shekara zai ƙare. In ban wuce wannan zama ba, sai zangon gaba, ga shi rabon iri ya matso. Ba ni da wata shekarar da zan jira."

Mahaifinta na zaune a gefe yana sauraro. Caroline ta dubi farin gashin Baba Andrawus, ta dubi takalminsa da ya goge saboda coci. Yadda za ta buɗe baki ta ce wa mutumin nan aikinsa bai haɗu ba, a gaban babanta, shi ne ta kasa.

"Ya yi kyau, Baba," ta ce. "Rubutun ya fita sosai."

"Ka ji ko?" ya ce da mahaifinta. "'Yar da na goya a babur ta ce ya yi."

Bayan ya tafi ta gaya wa kanta cewa za ta kira shi a waya. Ta ɗauko lambarsa sau da yawa a cikin makon, ba ta danna ba. Daga baya ta fara fatan wani ne zai gano matsalar ranar difens, ba ita ba.

Ranar ta zo. Ɗakin ya cika da ɗalibai masu jiran nasu layin, fanka na juyawa a hankali. A bayan ɗaki matar Baba Andrawus ta jera kuloli na shinkafa da nama, kamar yadda ɗalibai suka saba kawo wa malamai. Malamin da ke kula da aikinsa, Farfesa Maishanu, ya yi tafiya, ya aiko cewa ya sa hannu. Dakta Hammanjoda ne shugaban zaman, mutum mai sanyin murya wanda ɗalibai suka fi tsoro in ya fara murmushi.

Baba Andrawus ya yi bayaninsa da kyau. Ya san Mutum Biyu, ya san shinkafa, har aka tafa masa. Malama ɗaya ta ce ya gyara yadda ya jera sunayen littattafai. Wani ya ce taswirarsa ta yi ƙanƙanta. Caroline ta fara jin numfashinta na dawowa.

"Dakta Caroline," in ji Hammanjoda, "ke aka ba aikin. Manufa, tambayoyi da hanyar bincike, sun tafi tare?"

"Akwai 'yan gyare-gyare, ranka ya daɗe."

"Ban tambaye ki gyara ba. Sun tafi tare?"

Ta ɗaga kai. Baba Andrawus na kallonta, yana gyaɗa mata kai kaɗan, irin na ci gaba 'yata. Ta san in ta ce e, zai wuce. Zai je ya tsaya a rana yana raba takardu, ya dawo da buhun amsoshi, sai ranar difens na ƙarshe baƙon malami daga wata jami'a ya tambaye shi ina dalilin da ya ce zai gano. A lokacin kuwa babu sauran hutu, babu sauran rabon iri.

"Ba su tafi tare ba," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Ba su tafi tare ba, ranka ya daɗe." Ta juya wajen dattijon, amma idonta na kan teburi. "Baba... Malam Andrawus. A ce yau duk takardunka sun dawo, kowa ya cika, babu wadda ta ɓata. Me za ka iya faɗa?"

"Zan faɗi yawan masu amfani da irin, da shekarunsu, da girman gonakinsu."

"Manufarka kuma?"

"Dalilin da ya sa suke dainawa."

"A cikin tambayoyin nan, wacce ce ta tambayi dalili?"

Ya buɗe shafin, ya bi da yatsa har ƙasa, ya sake komawa sama. 

"Sai in ƙara ɗaya," ya ce. "Me ya sa ka daina. Shi ke nan."

"Wa za ka tambaya, Baba? Wanda ya daina ai ba ya zuwa layi. Duk wanda za ka samu a wurin rabo, mai karɓa ne."

Wani ɗalibi a baya ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Baba Andrawus ya cire tabaransa, ya goge shi da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Caroline ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige.

"Kuma ko ka same su," ta ci gaba, don ta ga gara ta gama gaba ɗaya, "e ko a'a ba za ta ba ka dalilin da ba ka riga ka yi zato ba. Sai ka zauna da su sun yi magana da bakinsu."

Hammanjoda ya yi murmushin nan nasa. "Malam Andrawus, ba kai kaɗai ba ne. Babi na ukun nan na san shi, yana yawo a hannun ɗalibai, kowa ya canja sunan gari ya kawo. Ko ba haka ba?"

"Wani ƙanena a ofis ya ba ni nasa in duba tsari," ya amsa a hankali.

"To, hanya biyu ce. Ka rage manufar ta dawo daidai da abin da takardar za ta iya: su wane ne ke karɓar iri a Mutum Biyu. Ka canja taken aikin, mu kira shi ƙaramin gyara, ka tafi fili wannan watan. Ko ka riƙe manufarka, ka sake tambayoyi, ka sake babi na uku, ka nemo waɗanda suka daina ta wajen masu unguwanni da tsofaffin sunayen rabo, ka yi hira da su. Wannan babban gyara ne, sai ka dawo gabanmu zangon gaba. Zaɓi naka ne."

Caroline ta yi addu'a a ranta ya ɗauki ta farko.

Baba Andrawus ya mayar da tabaransa. "Masu karɓa ai na san su, Dakta. Ni nake miƙa musu buhu. Ba sai na zo jami'a ba kafin in ƙirga su. Waɗanda suka tafi ne ba su taɓa gaya mini komai ba." Ya rufe takardun. "Zan dawo."

"Hutun naka fa?"

"Zan koma ofis in roƙa. In sun hana, sai in riƙa zuwa ƙauye ran Asabar."

Hammanjoda ya rubuta, ya kira suna na gaba.

Da aka tashi, Caroline ta so ta sulale ta ƙofar baya, sai ta tarar da shi a baranda kusa da kulolin, matarsa na zuba wa malamai abinci ba ta kallon kowa. Babu hanyar wucewa. Ta durƙusa a wurin, da rigar ofis da komai, ɗalibai na wucewa.

"Tashi, tashi. Dakta ba ta durƙusa wa ɗalibi a makaranta."

Ba ta tashi ba. "Baba, ka yi haƙuri."

"Abin da kika faɗa gaskiya ne. Yaushe kika gani?"

Da ta ce yau, da ya yarda. "Tun ranar da aka ba ni."

"Kafin Lahadi."

"E, Baba."

Ya dubi filin ajiye motoci. "Na tako har gida, Karo. Na ce ki faɗa mini tun muna gida. Da dare biyu ya ishe ni in gyara, da yaran nan ba su yi mini dariya ba."

Ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta.

Matarsa ta miƙo faranti. Shi ya karɓa, ya ɗora a hannun Caroline.

"Ci. Don ku aka dafa." Ya ɗauki jakarsa, ya sa takardun a hammata. Ya yi taku kaɗan ya juyo. "Ran Lahadi zan kawo sabbin tambayoyin. Ki ce wa babanki ya ba mu wuri, ya je ya zauna a waje, tunda a gabansa ne ba kya iya magana."

Ya sauka matakala zuwa wajen babur ɗinsa. Caroline ta miƙe da farantin a hannu, ta tsaya a barandar har shinkafar ta huce.