Takardar Jikin Gilashi

Mai shagon kayan waya ya rubuta sanarwa ya manna a gilashi: "Jama'a, cajar asali tana da tsada ne saboda a cikinta akwai abin da ke daidaita wuta. Mai arha an rage mata kayan ciki, sai ta yi zafi, ta kashe batir, wani lokaci ta ƙone waya."

Ba wanda ya tsaya ya karanta. Sai su tambayi kuɗi, su ja tsaki, su tsallaka wurin wani mai tebur da ke sayar da caja mai arha a bakin titi.

Ran nan ƙanwarsa ta shigo da wayarta a kumbure, tana warin ƙonewa.

"Yaya, duba mini."

Ya juya wayar, ransa ya ɓaci. "Wace caja kika sa mata?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta mai tebur. Taka ta fi ƙarfina, kuma kunyar roƙonka nake ji."

"Ba ki ga takardar ba?"

"Na gani, Yaya. Ai gaskiya ka rubuta. Aljihu ne ba ya karatu."

Da yamma ya ɓare takardar, ya tsallaka titi ya tambayi mai tebur inda yake saro kaya.