Sawun Maigidana a Kan Kwali

Ni dai tun farko ban yarda da gudun nan ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a zaune a kujerar tasi, wanda ko kantin bakin layi sai ya tada mota, shi ne wai yanzu yake fita tun da sassafe ya dawo yana huci yana neman ruwa.

Likita ne ya sa shi. Sukari ya yi masa yawa, jini ma ya hau, aka ce ya sha magani, ya fara da tafiya da sauri, in jiki ya saba ya riƙa sassarfa. Irin wannan ciwon ne ya kwantar da yayansa har ya tafi da shi, don haka ban ɗauki maganar da wasa ba. Da kaina na shiga kasuwa na zaɓo masa takalmin gudu, ja mai laushi, marar nauyi, wanda in ka lanƙwasa shi yake naɗewa kamar tsumma. Duk wadda ta kawo mini ɗinki a satin sai da ta gan shi.

Kullum in ya dawo sai in faki idonsa in juya ƙasan takalmin. Akwai ƙura, roba kuma tana cinyewa. To amma tumbi yana nan inda yake, wandon da na yi niyyar rage masa ma sai da na buɗe shi. Da muka koma asibiti likita ya duba sakamakon, ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau, ya ce, "Ana gudun kuwa?"

"Kullum," in ji maigida. Ni ce ma na ba da shaida, na ce takalmin har ya kusa ƙarewa.

Ya ƙare ɗin kuwa. Wata rana da yamma na ce ya tashi mu je a sayi wani. Ya ce wannan ma zai kai shi ƙarshen shekara. Na ce ya tashi. Na kuma sa tsohon a leda, don maƙwabcinmu Dogo, mai walda, wanda gudu ya zame masa kamar abinci, ya taɓa ce mini matar da yake saye a wurinta tana son ganin tsohon takalmi.

Shagon ɗan ƙarami ne, takalma har rufi, ga benci ɗaya da madubi mai tsaga. Mai shagon ta ce mun zo daidai, da yamma ƙafa takan ɗan kumbura, shi ne lokacin gwaji. Na zaci za ta fito da wata na'ura. Sai ta jawo roba da ɗan ruwa a ciki, ta yago kwali ta shimfiɗa a ƙasa.

"Yallaɓai, cire safa. Jiƙa tafin ƙafarka, ka taka nan, ka tsaya sosai da nauyinka."

Maigida ya dube ni, ya dubi ƙofa. Ya taka.

Sawun ya fito cikakke tun daga dunduniya har yatsu, faffaɗa, ba wani gurbi a gefen ciki. Ta ce wannan ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙafa. Wanda tsakiyar tafinsa ya ɗaga sosai, in ji ta, dunduniya da gaba kawai suke fitowa, sai ɗan siririn layi ta waje da ya haɗa su. Ta sa shi ya yi 'yar tafiya zuwa ƙofa, ta durƙusa tana kallo daga baya, ta nuna mini yadda idon sawunsa yake karkatowa ciki.

Sannan ta karɓi ledar. Ta ajiye jan takalmin a kan teburi, ta sunkuya ta dube shi ta baya. Ta juya shi. Ta zaro shimfiɗar ciki ta kai bakin ƙofa wurin haske. Ta daɗe tana dubawa.

"Mene ne?" na ce.

"Hajiya, ba komai. Ai cin dunduniya ta waje kusan kowa yana yi."

"To me kike dubawa?"

Ta ɗan saci kallon maigida. Shi kuwa ya duƙufa yana goge ƙafa ɗaya da safa kamar an ba shi kwangila.

"Wannan ya cinye ta waje har gaba," ta ce a hankali, "kuma kin ga ya kwanta waje. Mai ƙafa irin ta Yallaɓai yawanci ta ciki yake ci. Ba dole ba ne, ƙafa iri-iri ce. Sai dai ga wannan." Ta ajiye shimfiɗar kusa da kwalin. Dunduniya ta yi baƙi, gaba ya yi baƙi, tsakiya ta gefen ciki kuwa fes, kamar ba a taɓa takawa ba.

Ni mai ɗinki ce. Na san rigar da aka sa da wadda aka ara.

"Baban yara," na ce, "ƙafar wa ce wannan?"

Ya ce wataƙila safa ce. Ya ce wataƙila wanki. Na kafe shi da ido har dabara ta ƙare masa.

"Ta Dogo ce," ya ce. "Lambarmu ɗaya. A bakin fili nake ba shi, in zauna a benci, in ya gama ya dawo mini da shi."

Raina ya ɓaci. Na tuna safiyoyin da na tare shi da ruwan sanyi ina yi masa sannu. Na tuna shaidar da na bayar gaban likita.

"Hucin fa?"

"Daga kwanar layi nake farawa."

Mai shagon ta juya baya tana gyara takalman da ba su karkace ba.

"Na gwada, wallahi," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Satin farko kullum na yi. Nan ne." Ya shafa ƙwaurinsa ta ciki har zuwa idon sawu. "Kamar ana soka mini ƙusa. Birki ma da ƙyar nake takawa. Ke kuma kin nuna wa duk unguwa takalmin nan, kuma na san yadda kike duba shi kullum. In na ce ciwo, cewa za ki yi lalaci ne."

Da haka zan ce, babu shakka. Wannan ya fi ƙaryar ƙona mini rai.

Mai shagon ta sauko da wani baƙi, mummuna, mai faɗin ƙasa. Ta murɗa shi, bai murɗu sosai ba. Ta lanƙwasa, sai gaba kawai ya lanƙwasu, wurin yatsu. Ta matsa bayan dunduniya, da tauri. Ta ce jan ba shi da laifi, ya dace da irin ƙafar Dogo mai son laushi. Maigida ya sa baƙin, ya tsaya, ta danna babban yatsanta a gaba ta ga da sarari.

"Kwali ba likita ba ne," ta ce. "Fita ka gwada. In ya matse ko ya cije, mu canza. In kuma ciwon ya dawo, a koma asibiti."

Ya fita yana sassarfa a gefen titi. Ban taɓa ganinsa yana gudu ba sai ranar. Bai kai turken lantarkin gaba ba ya tsaya, ya dafa gwiwoyi, bayansa yana hawa yana sauka. Haka yayansa yake tsayawa a ƙofar gidanmu a shekararsa ta ƙarshe. Fushin ya zube, tsoro ya maye gurbinsa.

Ya dawo a hankali. "Ƙafar dai ba ta yi ciwo ba," ya ce.

"Mun ji," na ce.

Na zauna a bencin, na cire takalmina, na jawo robar ruwan da ƙafa.

"'Yar'uwa, yago mini wani kwalin."

Maigida ya tsaya da igiyar takalmi a hannu. "Ke kuma na mene ne?"

"Gobe tare za mu fita."

"Rakiya ko gadi?"

Na tsoma ƙafata a ruwan, na taka.