Yatsa Biyu a Ƙofar Kufai

Ranar da Sammani ya cika shekara biyu yana buɗe ƙofofin ruwa a gonakin rani na yammacin Bunkure, sai da ya sa matarsa Kubra ta goge masa kaftaninsa na sallah. Shi a lissafinsa gwaji ya ƙare, saura a miƙa masa takardar tabbatarwa ya zama ma'aikacin dindindin mai fansho, kuma ɗakin nan na kwatas da suke ciki ya zauna a hannunsu. Kubra tana da tsohon ciki, ba su da wani wurin da za su koma.

Malam Lukmanu, jami'in kula da ma'aikata, ya ba shi kujera kafin ya ba shi takarda, abin da bai saba yi ba. Takardar da Turanci take, sai ya bi ta layi-layi yana faɗa masa da Hausa.

"Ba a kore ka ba, Sammani, amma ba a tabbatar da kai ba. An ƙara maka wata shida. Rahoton mai gidanka ya ce ba ka makara, ba ka karɓar na goro a hannun manoma. Matsalar guda ce: ƙofar Kufai. Ba ka rufe ta ruf, ruwa na zuba a magudanar da ba ta shayar da gonar kowa, alhali na ƙarshen layi suna kukan alkamarsu na bushewa. Kuma awon tsakar rana na wurin, ba ka taɓa kawo shi ba."

Ya karanta masa sharuɗɗan. Zai rufe ƙofar ya sa mata kwaɗo. Zai riƙa duba ma'aunin ruwan wurin da rana tsaka yana rubutawa. Duk ƙarshen wata mai gidansa zai je ya gani da idonsa. In ya cika, a tabbatar da shi. In ya gaza, a sallame shi.

"Yallaɓai, Baba Sada ne ya ce a riƙa bar musu."

"Su wa?"

Shi ma Sammani bai taɓa tambaya ba. Baba Sada shi ne tsohon da ya riƙe ƙofar kafin ya yi ritaya. Ranar da yake miƙa masa makulli ya kai shi gindin tsamiyar da ke wurin, ya nuna masa inda rijiyar wani tsohon gari take kafin katafila ta cike ta lokacin haƙa kanal. Ya ce a ɗaga ƙofar yatsa biyu kullum, kada a ƙara, kada a rage, kuma in rana ta take kada ya tsaya a wurin. Bai ƙara ko kalma ba, kuma bara ya rasu.

Malam Lukmanu mutum ne mai kirki, amma ba ya iya rubuta "su" a fayil. Ya tura masa kwafi ya sa hannu a kan ya karɓa ya kuma fahimta.

Washegari Sammani ya hau kekensa ya je ƙofar Kufai. Gaskiya tsoro ya ji, amma tsoron a fitar da kayan Kubra waje ya fi. Ya yi bisimilla, ya murɗa ƙarfen har ƙofar ta zauna, ya datse kwaɗo. Ɗan ruwan da ke gudu a magudanar ya tsaya, ƙasa ta shanye shi. Ya jira rana ta take, ya duba ma'auni, ya rubuta. Ba abin da ya faru. Sai dai tsuntsayen kan tsamiya da suka yi tsit gaba ɗaya, kamar ajin da malami ya shigo.

Mako ya zagayo lafiya lau, har ya fara yi wa kansa dariya. Manoman ƙarshen layi suka aiko masa da kwandon tumatir, ya mayar musu, don ba yanzu ne zai ɓata rahotonsa ba.

Wata rana ya dawo da la'asar ya nemi ruwa, Kubra ta ce randa ba komai.

"Ba da safe na cika ta ba?"

"Baƙi ne, Malam. Kullum da rana tsaka suke zuwa. Na zaci manoma ne 'yan wajen aikinka."

Ta ce ba sa sallama. Tsayawa kawai suke a bakin ƙofa, maza da mata, ƙafafunsu butu-butu da busasshiyar laka, kowa da ƙoƙonsa. Ita kuwa ba a yi mata tarbiyyar hana mutum ruwa ba. Ya tambayi maƙwabta, suka ce su ba su ga kowa ba, sai dai suna ganin Kubra a bakin ƙofa tana miƙa moɗa.

Ya so ya tsaya a gida ya gan su, amma lokacin zuwansu shi ne lokacin awonsa, kuma rana ɗaya in ta yi giɓi mai gidansa zai gani. Ya sayo randa ta biyu. Ya karɓo rubutu wajen liman, ya roƙi Kubra ta riƙa kulle ƙofa. Ta kulle, ta ce tana jin su a tsaye a waje, ba sa ƙwanƙwasawa, ba sa tafiya, ita kuma zuciyarta ba ta iya ɗauka.

Ta haihu a wata na uku na wa'adin, 'ya mace, aka sa mata Baraka. Kafin arba'in nono ya ƙafe. Kubra ta rame, leɓɓanta suka tsattsage, kome yawan ruwan da ta sha. Sau biyu Sammani ya tsaya gaban kwaɗon da makulli a hannu, ya tuna ƙarshen wata ya kusa, ya mayar da shi aljihu. Ya riƙa ce wa kansa saura kaɗan, in aka tabbatar da shi ba mai korarsa a kan yatsa biyu sai an bi doguwar hanya.

Wa'adi ya cika. Wannan karon Malam Lukmanu bai ba shi kujera ba, hannu ya ba shi. Duk sharuɗɗan sun cika, an tabbatar da shi, kuma tunda ya iya da wurin, an bar masa ƙofar Kufai.

Daga ofis bai biya gida ba. Ya taka keke har gindin tsamiya, rana a tsakar ka, ya cire kwaɗon ya ɗaga ƙofar yatsa biyu. Ya ƙara ɗaya don ban haƙuri. Ruwa ya bi busasshiyar magudanar yana tura kara da ganye. Ya daɗe bai ji sanyi a ransa irin na wannan lokacin ba.

Ya isa kwatas takarda a aljihu, yana shirin yi wa Kubra albishir biyu. Ya same ta zaune a bakin ƙofa, Baraka a cinya tana kukan da ba hawaye, randunan biyu a kife.

"Na buɗe musu," in ji shi. "Ruwansu na can yana gudu."

"Sun sani, Malam. Yau ne suka fara yi mini magana." Ta ɗago ta dube shi, sannan ta dubi bayansa. "Sun ce sun saba da nan."