Shagon Alhaji Gabdo Ya Koma Alhamis

Salomi Tizhe ita ce wakiliyar wani kamfanin sabulu da garin wanki a Mubi. Aikinta shi ne ta bi shaguna, ta duba abin da ya rage a kanta, ta karɓi oda, washegari motar kamfani ta kai kayan. A farkon damina shugabanta, Mubashshir, ya zo daga Yola ya faɗa mata abin da ofis ya yanke. Shagunan da take kaiwa a mako sun yi kaɗan. Idan wata ya ƙare ba su ƙaru ba, za a cire Kolere da Bahuli daga yankinta a ba wani, a bar mata cikin gari kawai.

“Ba za a raba ba, Oga,” in ji ta. “Na san inda lokacina yake tafiya.”

Ta sani kuwa. Duk wanda ya kira ta a waya, wurinsa take nufa. Da safe tana Sabon Layi, da hantsi ta tare keke mai ƙafa uku zuwa Kolere saboda mutum guda, da azahar ta dawo Sabon Layi, kusa da inda ta baro. Rabin yininta a hanya yake ƙarewa.

Ta sake tsarin mako daga tushe. Kowace rana unguwa ɗaya, a fara daga shago mafi nisa, a yi ta gangarowa gida ba tare da komawa baya ba. Manyan shaguna kowane mako, masu ƙananan tebura mako biyu sau ɗaya. Kolere ta ba ta safiyar Litinin, domin a wannan lokacin ruwa ya fi sauka da yamma, kuma in mayo, wato rafin da ke kan hanyar, ya cika keke ba ya ƙetarewa. Bahuli ta sa Talata bayan azahar, lokacin da masu shaguna suka dawo daga gona; da safe yaran gida ne a shagon, su kuwa ba sa ba da oda.

Abu ɗaya ne ya ƙi zama: Alhaji Gabdo, babban ɗan sari a Sabon Layi, wanda ya fi kowa sayen kayanta. Tun kafin a ɗauki Salomi aiki, da shagonsa wakilin kamfanin yake buɗe mako. Ana zuwa da safiyar Litinin, a shimfiɗa tabarma, a sha shayi, a ji labarin farashin shanu, ba a maganar oda sai rana ta ɗaga. A sabon tsari Sabon Layi ta faɗa ranar Alhamis.

Ba ta aika saƙo ba, da kanta ta je.

“Baba, daga wannan makon ranar Alhamis zan riƙa zuwa.”

Gabdo ya ajiye kofinsa. “'Yar Michika, wa ya fi ni saye a garin nan?”

“Babu.”

“To wa za ki fara gani ranar Litinin?”

“Asta, a Kolere.”

“Asta mai tebur? Wadda sabulunta duka bai cika kwando ba?” Ya juya ga maƙwabcinsa mai sayar da taliya. “Ka ji ko? An sa ni a bayan Asta.”

“Ba a bayanta ba ne, Baba. Hanya ce ta zo da haka.”

“Hanya ba ta sayen sabulu. Je ki, Allah ya ba da kasuwa.”

Ranar Alhamis ta zo kamar yadda ta ce. Ya amsa gaisuwa, ya ce kaya suna nan ba su ƙare ba, bai ba da oda ba. Mako na biyu ma haka.

Mubashshir ya kira ta ranar Juma'a. Shagunan da take kaiwa sun ƙaru sosai, ya yarda, amma cinikin makon ya faɗi, ofis kuwa duka biyun yake dubawa.

“Ki mayar masa da Litinin ɗinsa mana. Dattijo ne, girma yake so.”

“In na ba shi Litinin, Kolere ta tafi. Ba na barin shagonsa kafin sha ɗaya, ruwa kuma ba ya jira na. Ka ba ni zuwa ƙarshen watan da ka ce.”

“In bai dawo ba fa?”

“Zai dawo.”

Tana da dalili. Motar kamfani ba ta sauke ƙasa da katan guda a shago. Yawancin sababbin masu shagon da ta samu a Kolere da Bahuli rabin katan suke iya ɗauka, wasu dozin ɗaya. Duk wanda ta nuna wa kaya ya so, bai kuma kai katan ba, sai ta ce ya je wurin Alhaji Gabdo a Sabon Layi, yana fasa katan, farashinsa daidai ne. Ba ta daina faɗin haka ba ko a makonnin da yake fushi da ita.

A mako na uku, ranar Talata da la'asar, tana cikin shagon wani Zira a Bahuli tana gyara masa jerin sabulu a kanta, wayarta ta yi ƙara.

“Ke ce kike turo mini mutanen ƙauye?” in ji Gabdo, ba sallama.

“Ni ce, Baba. Ina wuni?”

“Sun kwashe mini ƙaramin garin wanki tas. Yanzu wata ta tafi hannu wofi. Ki zo yanzu.”

“Ina Bahuli, saura shaguna a gabana. Jibi ina wurinka.”

“Jibi!”

“Jibi, in Allah ya kai mu.”

Ranar Alhamis ta gama da kowa a Sabon Layi, ta bar shagonsa a ƙarshe. Ta iske an shimfiɗa tabarma, amma fuskarsa a ɗaure. Ta zauna, ta faɗa masa abin da ta gani a makon: a Kolere ƙaramar leda ce ke tafiya, babbar ta yi wa mutane tsada, a Bahuli dogon sabulun wanki ake nema, mai ƙamshi ba ya motsi sai kusa da Kirsimeti. Ta ambaci waɗanda kayansu suka kusa ƙarewa, waɗanda zai gani a ƙofarsa kafin Lahadi.

“Da Litinin nake zuwa, da ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba,” in ji ta. “Yanzu sai na zagaya kowa, sannan in zo maka da labari. Kuma babu wanda ke jira na bayanka. In ka so mu kai magariba muna hira.”

Gabdo ya shafa gemu. Mai taliya ya leƙo. “Alhaji, har yanzu kana bayan Asta?”

“Rufe mana baki. Asta ai a wurina take saye.” Ya dubi Salomi. “Motar taku, gobe da wa za ta fara?”

“Da na kusa da sito take farawa. Kai ne na kusa.”

“To. Rubuta.”

Odar ta fi wadda ya saba bayarwa, mafi yawanta ƙananan leda. Salomi ta tura ta ofis tun tana kan tabarma.

Mubashshir ya dawo Mubi a ƙarshen wata. Ya bi ta zagayen Litinin har Kolere, takalminsa ya cika da laka, suka ƙetaro mayo hadari yana haɗuwa a bayansu. A cikin keke ya ce ba za a taɓa yankinta ba, kuma yana so ta nuna wa wakilin Maiha yadda ake tsara mako.

“Ya zo ranar Asabar,” in ji Salomi. “Sauran ranakun duk da masu su.”