Daga Sama Aka Fara Yashe Kwatar

A jikin falwayar ƙofar gida Birkila ya fara ganin takardar, ran nan da zai fita aiki. An manna ta da salatif, an lulluɓe da farar leda don kada ruwa ya jiƙa ta. Kira ne ga duk mutanen layi su fito ranar Asabar da hantsi a yashe kwata kafin damina ta kankama. A ƙasa an sa hannu: Ticha. Ƙanensa ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke koyarwa a firamare.

Ya karanta har sau biyu yana bin layin da yatsa. Can ƙasa, ƙarƙashin "masu kawo kayan aiki", ya ga an rubuta: Birkila, baro biyu da shebur huɗu.

Shi ne fa ya gina kwatar nan. Shekara goma sha huɗu ke nan da ɗan kwangila ya ɗauke shi, ya jera bulo tun daga saman layi har kwalbatin da ke bakin babban titi, inda ruwan ke bi ta ƙarƙashin kwalta ya faɗa babbar magudana. Damina uku a jere yana bin gida gida yana roƙo a fito a yashe. Bara mutum uku suka amsa, ɗaya ma ya zo da farar riga ya tsaya yana ba da shawara. Yanzu Ticha ya rubuta layi shida, ya tura a guruf ɗin waya, kafin azahar mutum arba'in da wani abu sun ce za su zo.

Da yamma ya tarar da matarsa tana wanki tana duba waya da jiƙaƙƙen hannu.

"Ka ga har mai kemis ya ce zai kawo safar hannu? Ƙanen nan naka akwai baki."

"Baki kam akwai. Shebur ne bai taɓa riƙewa ba."

"To ai kai ka riƙe, shi ya sa aka sa ka kawo," ta ce tana dariya. Da ta ga bai yi ba, sai ta mayar da kai kan wankinta.

Gidan nasu shi ne na ƙarshe a gangaren layin, dab da kwalbatin. Gidan gado ne, Mama na ɗakin da ke kusa da ƙofa, shi da iyalinsa na ciki. Ticha kuwa tun da ya yi aure ya kama haya a saman layi. Birkila ya leƙa gaishe da tsohuwar, ya same ta tana cikin farin ciki.

"Ka ga abin da auta ya yi? Tun ɗazu mata ke shigowa suna sa masa albarka. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya son ƙazanta."

Birkila ya tuna wanda ke wanke wa autan wando a lokacin, amma ya ce, "Allah ya taimaka, Mama."

Asabar ta zo da rana mai kyau. Layi ya cika kamar ana rabon wani abu. Tela ya rufe shago, mai wankin mota ya zo da yaransa na aiki, mata sun fito da tsintsiya da manjagara. Ticha na tsaye kan benci cikin sababbin takalman roba da ko ƙura ba su taɓa gani ba, yana rarraba mutane. Ya ce za a fara daga sama, wajen ƙofarsa, don nan ne ruwa ya fi kwanciya, ya yi baƙi, sauro ya mai da shi gida. Daga nan sai a yi ta gangarowa.

Birkila na jingine da baronsa ya ji tsoro da daɗi lokaci ɗaya. Duk wanda ya san aikin ya san daga ƙasa ake farawa. Sai an buɗe wa ruwa mafita kafin a taɓa inda ya taru. A saman layi akwai toshiya biyu da ke riƙe da ruwan wanka da na wanki na gidaje kusan talatin, kwalbatin ƙasa kuma a cushe yake tam, shi da kansa ya zura sanda shekaranjiya ta ƙi shiga. In aka fasa na sama, ruwan zai zo ya tarar da ƙofa a rufe.

Ticha ya hango shi, ya ɗaga murya. "Yaya, ya ka gani? Haka ya yi?"

Duk aka juyo. Da a gefe ya ja shi ya tambaya, wataƙila da ya faɗa. Amma daga kan benci, takarda a hannu, kamar yana tambayar ɗan aji uku?

"Kai ne shugaba," Birkila ya ce. "Mu 'yan kawo baro ne."

Aka yi dariya, aka ɗauka wasan wa da ƙane ne. Ticha ma ya yi dariya, ya ce a bisimilla.

A ransa Birkila ya lissafa cewa ruwan zai hau kan titi, ya jiƙa wa mutane ƙafa, a tsaya cirko-cirko, sannan a waiwayo a neme shi. Iyakar abin da yake so ke nan. Ya ɗauki shebur ya shiga cikin mutane, yana kwasar baƙin taɓo yana jibgewa a gefe, yana jin yadda ake ta "Ticha, nan fa?", "Ticha, zo ka gani." Wata tsohuwa ta kawo ruwan sanyi a bokiti, ta fara miƙa wa Ticha kofi, shi da ko gumi bai yi ba.

Wajen ƙarfe goma suka fasa toshiyar farko, wani curin ledoji da robobin ruwa da yashi ya ɗaure. Ruwa ya taho ya haɗu da na toshiya ta biyu, nauyin ya ture ta da kansa. Mutane suka yi shewa suna tafi, suna bin ruwan da kallo yana gudu ƙasa ɗauke da tarkace. Birkila bai yi tafi ba. Ruwan ya fi yadda ya zata yawa, nesa ba kusa ba.

Ba a yi minti biyar ba suka ji ihun matarsa daga ƙasa.

Ya yar da shebur ya ruga. Ruwan bai hau titi ba, don kwaltar da aka sake zubawa bara ta ɗaga bakin titin, abin da ya manta sam. Sai ya juya ya bi ta ƙofar gidansu, ya malale tsakar gida, ya shige ɗakin Mama. Ya same ta tsaye kan gado ta tattare zani, baƙin ruwa mai wari ya shanye darduma, ya kai rabin akwatinta, takalmanta na yawo a kai.

"Ku toshe sama!" ya daka tsawa a ƙofa. "A cika buhu da yashi a mayar a tare ruwan! Tela, kawo diga. Kai, ɗauko min dogon rodin nan a bayan ɗakina, mai lanƙwasa a baki."

Babu wanda ya tambayi Ticha. Mutum shida suka sa diga da ƙarfe suka ɗaga murfin simintin da ke bakin kwalbatin, warin da ya taso ya kori rabinsu. Wani matashi ya fara naɗe wando zai shiga, Birkila ya fizgo shi baya.

"Ba a shiga. Iskar ciki kaɗai ta isa ta kayar da kai, in kuma ya ɓalle kana ciki, sai a babbar magudana a tsince ka."

Ya kwanta rub da ciki a bakin ramin, ya zura rodin yana lalube. Ya fara jawo ledoji, sai tsumma, sai wani buhu. Can ƙugiyar ta kama abu mai nauyi. Ya kira mutum uku suka ja tare, sai ga tsohuwar katifar soso ta fito a naɗe, ta sha laka ta yi nauyin mutum. A bayanta akwai tayar babur da ta gitta ta riƙe komai. Da ya samu ya karkato ta, kwalbatin ya yi wani gurnani, ruwa ya fara zurarewa, yana ja da baya daga ƙofar gidan a hankali.

Ya miƙe, taɓo tun daga haɓa har gwiwa. Ya jira ya ji an yaba masa. Mai kemis ya dafa kafaɗarsa ya ce sannu, sannan ya juya ga jama'a ya ce, "Kun gani? Ba don Ticha ya tara mu yau ba, da tsakar damina wannan abin zai same mu." Aka ce wallahi haka ne. Aka tsayar da Ticha kusa da katifar aka ɗauki hoto.

A cikin gida mata na ta kwashe ruwa da bokiti suna wanke daɓe da omo. An fito da kayan Mama rana. Tana zaune kan kujera a tsakar gida, ta dube shi ta ce ya matso.

"Shekaranjiya ina kallonka ta taga kana zura sanda a ramin can," ta ce a hankali, yadda matan ba za su ji ba. "Ka san a toshe yake."

Ta nuna masa akwatin da aka fito da shi rana.

"Zannuwan da ubanku ya saya min suna ƙasan akwatin nan. Je ka wanke jikinka, kana wari."

Bai je ba. Ya fita waje. Mutane sun ƙarasa yashe layin, wannan karon daga ƙasa zuwa sama, sun fara watsewa don rana ta take. Taɓon da aka kwaso yana jibge tuli tuli a bakin kwatar, ruwan sama ɗaya zai mayar da shi inda ya fito. Ticha na tsaye shi kaɗai yana kallon tulin, takalmansa sun yi kaca-kaca, fuskarsa duk ta faɗa.

"Yaya, ni na jawo wa Mama wannan. Ban san daga ƙasa ake farawa ba."

Birkila ya so ya faɗa masa cewa shi ya sani tun farko, da gangan ya ƙyale shi. Abin da ya iya cewa shi ne, "Wannan ba a barinsa nan. Sai an kai shi juji yau."

"Duk sun gaji. In ce su dawo?"

Birkila ya san in shi ya kira, ko waiwayowa ba za a yi ba. Ya haɗiye wannan ma. "Kira su."

Ticha ya ciro waya ya yi magana kaɗan. Kafin Birkila ya gama cika baro na biyu, mutum goma sha ɗaya sun dawo, har da masu baron aro. Ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, bai san dalilin da ya sa yake ƙirgawa ba. Ya miƙa wa ƙanensa baron da ƙafarsa ke karkata, ya riƙe mai kyaun, suka kama hanyar juji. A sawu na uku tafin hannun Ticha ya yi bororo ya fashe. Birkila ya gani, ya bar shi ya ƙara sawu ɗaya, sannan ya cire safar hannunsa ya jefa masa.