Mashin Barau a Aji

Barau masunci ya yi shekara arba'in yana sukar tarwaɗa a ruwan Mairuwa, amma bai taɓa taka aji ba sai ran da ɗiyarsa Barakatu ta roƙe shi ya kawo mashinsa. Ranar ce gwajinta na ƙarshe na koyarwa. Malamin kwalejin da take karatu, wanda zai ba ta maki, ya kame a bayan aji da biro. In ya kayar da ita, sai ta maimaita shekara. Barau ya raɓe bakin ƙofa.

Barakatu ta tsoma mashin a karkace cikin baho cike da ruwa. Nan take ya zama kamar ya karye daidai bakin ruwan.

"Ruwa ne ya tanƙwara shi, Malama," in ji wata ɗaliba, Khairiyya, uwar iyayi. "Ai ice in ya jiƙa yana lanƙwashewa."

Aji ya ɗauka da "haka ne". Barakatu ta zare mashin, ga shi nan sambal. Sai ta jefa marfin kwalba ya nutse, ta ce Khairiyya ta tsaya nesa kaɗan ta soke shi. Sau uku mashin na wucewa ta samansa.

"Baba, bismillah," in ji Barakatu, tana miƙa masa mashin.

Barau ya karɓa. Suka ɗaya, ƙwas, ya huda marfin.

"Ina kuka auna, Baba?"

"Ƙasa da inda na gan shi. Kihi ba ya inda ido ya ce."

Barakatu ta zana fuskar ruwa a allo, ta ja layi a tsaye cak a kanta. "Hasken da ya taso daga tsinin mashi, da ya fito iska sai gudunsa ya ƙaru, ya kauce nesa da wannan layin. Ido kuwa ya ɗauka miƙe ya zo, sai ya ga tsinin sama da inda yake. Kaucewar nan da doka take: sayin kusurwar iska, wato 'sine' na lissafi, a raba da sayin kusurwar ruwa, kullum kusan huɗu bisa uku ne. Digiri talatin a ruwa, arba'in da biyu a iska. Hasken da ya bi layin kansa ba ya kaucewa ko kaɗan."

Ko kalma goma Barau bai kama ba, amma hannunsa ya daɗe da sanin zancen.

Da aka tashi, malamin kwalejin ya rufe takardarsa ya nufo ƙofa.

"Baba, ta ci. Ina ta samo wannan dabara?"

Wani daɗi ya cika Barau. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda na ajin gaba ma za su ji.

"Ɗiyata ce. Tun tana shekara bakwai take riƙe mani ƙwarya a bakin ruwa, tana tambayata don me."