Sakin Layin Kawu

Wata ma'aikaciyar jinya ta zo gidan kawunta da hantsi, ta ajiye kwamfuta a kan teburin da ya yi shekara talatin yana duba littattafan ɗalibai a kai. Karatun ungozoma take nema, jibi kuma za a rufe karɓar takardu. A shafin makarantar akwai wani akwati da aka ce mai nema ya bayyana dalilinsa a ciki, kada ya wuce harafi dubu biyu, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Nata ya kai dubu uku da ɗari da arba'in. Da ta liƙa shi, akwatin ya ɗauki iya cikinsa ya yar da sauran.

"Wato har iskar da ke tsakanin kalmomi ƙirgawa suke yi?" in ji Kawu. "To, ina ya yanke?"

Ta nuna masa. A ɓangaren da ya faɗi ne ta bayyana cewa asibitinsu ba ungozoma, ita ce ta fara auna hawan jinin kowace mai ciki, amma abin da take ganowa ya fi ƙarfin iliminta.

"Kin ajiye baƙi a zaure suna ta gaisuwa, mai gidan yana can ƙuryar ɗaki. Dawo da shi farko."

Ta mayar da shi sama. Suka cire yabon makarantar, domin makaranta ta san kanta. Suka cire jerin takardun shaidarta, tunda akwai gurbinsu daban a shafin. Lambar da ke ƙasan akwatin ta sauko dubu biyu da ɗari uku da goma, ta tsaya.

Ta san inda sauran yake, sai dai ba ta son kallon wurin. Sakin layi ne guda a kan yadda Kawu ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta. Sai ta shiga tsintar "kuma" da "sosai" tana gogewa. Harafi arba'in kawai ta samu.

"Ko in rage maganar auna jinin?"

Kawu ya gyara tabarau, ya karanta sakin layin har sau biyu.

"'Yar nan, ni za su ɗauka ko ke?"

"Haba Kawu, ai gaskiya na rubuta."

"Gaskiya ce, har ta yi mini daɗi. Amma ba ta nuna musu me za ki yi wa masu cikin nan ba. Buga mini shi a takarda in ajiye."

Ta buga masa shi a takarda, sannan ta goge. Lambar ta koma dubu ɗaya da ɗari tara da talatin.

"Saura saba'in," ta ce. "Ko layi ɗaya ne in sa ka."

"Saba'in ba za su ɗauke ni ba. Karanta mini daga farko, sannan ki aika."